Yadda Na'ura Ke Gano Inda Kuskurenta Ya Fito

Manhajar da ke gane fuska a waya, da wadda ke mayar da magana rubutu, duk ba a rubuta musu dokokin aikinsu ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ke cikinsu lambobi ne masu ɗimbin yawa, miliyoyi ko biliyoyi, waɗanda aka yi ta gyarawa kaɗan-kaɗan har amsar da suke bayarwa ta fara dacewa da gaskiya. Tambayar ita ce: idan na'ura ta ba da amsar da ba daidai ba, ta yaya za a san wace lamba ce ta jawo hakan a cikin miliyoyin nan, kuma nawa ne rabonta a laifin?

Dabarar da ke amsa wannan tambaya ita ce mayar da kuskure baya, wadda masu harkar ke kira bakfurof a taƙaice. Sunanta na razana mutane, amma idan aka warware ta, ƙa'ida ɗaya ce tak ta lissafi ake ta maimaitawa, wato ƙa'idar sarƙa. Duk wanda ya iya ninkawa zai iya bin ta da biro da takarda, kuma abin da za mu yi ke nan a kan wata 'yar ƙaramar raga mai lambobi huɗu.

Ƙa'idar sarƙa

Ɗauki keke. A ce duk zagaye ɗaya na feda yana juya tayar baya sau 3, kuma duk juyi ɗaya na taya yana ciyar da keken gaba mita 2. Idan aka ƙara zagaye ɗaya na feda, mita nawa za a ƙara? Shida, wato 3 sau 2. Feda ba ta taɓa ƙasa, amma mun san tasirinta a kan tafiya saboda mun ninka tasirinta a kan taya da tasirin taya a kan tafiya.

Ƙa'idar sarƙa ke nan gaba ɗayanta. Idan abu na farko yana motsa na biyu, na biyu kuma yana motsa na uku, to tasirin na farko a kan na uku shi ne tasirin farko sau tasirin biyu. Kowane irin wannan tasiri za mu kira shi ma'aunin canji: idan aka ɗan taɓa wannan, ninki nawa wancan zai motsa? Idan ma'aunin ya zo da alamar ragi, ma'anarsa ƙara na farko yana rage na biyu.

Ƙa'idar ba sabuwa ba ce. Gottfried Leibniz, Bajamushen da ya kafa wannan reshe na lissafi a zamani ɗaya da Isaac Newton, ya yi amfani da ita tun a 1676. Bambanci ɗaya da keke shi ne, a cikin raga ma'aunin ba ya tsayawa a lamba ɗaya. Yana canzawa gwargwadon inda lambobin suke a lokacin, don haka sai an sake lissafa shi a kowane zagaye.

Ragar da za mu yi aiki da ita

Ragarmu na karɓar lamba ɗaya, `x`, ta fitar da lamba ɗaya, `y`. A tsakani akwai ƙulli guda ɗaya. Matakan aikinta huɗu ne:

```
z = w1*x + b1
h = sigmoid(z)
y = w2*h + b2
L = (y - t)^2
```

Lambobin `w1` da `w2` su ake kira nauyi, domin su ke nuna ƙarfin da za a ba abin da ya shigo. `b1` da `b2` kuma ƙari ne da ake tarawa bayan an ninka. Waɗannan huɗun su kaɗai ne ragar ke da ikon gyarawa, kuma gyara su shi ne abin da ake nufi da koyo.

Sigmoyid wata matsa ce da ke karɓar kowace irin lamba ta matse ta tsakanin 0 da 1. Lamba babba tana fitowa dab da 1, lambar da ta yi nisa ƙasa da sifili tana fitowa dab da 0, sifili kuwa yana fitowa 0.5 daidai. Ba don irin wannan matsa ba, da komai yawan sahun da aka jera, ragar ba za ta wuce ninki ɗaya da tarawa ɗaya ba, kuma miƙaƙƙen layi kawai za ta iya koyo.

Layin ƙarshe shi ne awon kuskure. `t` ita ce amsar gaskiya, `L` kuma ratar da ke tsakanin amsar raga da ta gaskiya ce, an ninka ta da kanta. Burinmu `L` ta sauko kusa da sifili.

Tafiya gaba

Bari mu ba ragar misali ɗaya: idan an shigar da 2, amsar da ake so ita ce 3. Lambobin da za ta fara da su kuma su ne `w1 = 0.5`, `b1 = -1`, `w2 = 4`, `b2 = 0`.

Da farko 0.5 sau 2 ya ba da 1, a tara da −1, sai `z` ta zama 0. Sigmoyid ta mayar da 0 zuwa 0.5, wato `h`. Sai 4 sau 0.5 ya ba da 2, babu ƙari, don haka `y` ta zama 2. Ana son 3 an samu 2, rata −1 ke nan, kuma −1 sau −1 ya ba da `L = 1`.

Kada a share waɗannan lambobi na tsakiya. Za a buƙaci `x` da `h` da `y` a hanyar dawowa. Wannan shi ne dalilin da ya sa horar da babbar raga ke cin ma'ajiyar kwamfuta fiye da amfani da ita bayan an gama horarwa: dole a riƙe abin da kowane sahu ya fitar har sai an dawo ta kansa.

Dawowa baya, mataki-mataki

Yanzu muna son sanin abu huɗu: idan aka ɗan taɓa kowace daga cikin lambobin nan huɗu, yaya `L` za ta motsa? Za mu fara daga ƙarshe, inda kuskuren ya bayyana.

Mataki na farko, daga `L` zuwa `y`. A ce `y` ta tashi daga 2 zuwa 2.001. Rata ta koma −0.999, wadda idan aka ninka ta da kanta za ta ba da kusan 0.998. An ƙara 0.001 a `y`, `L` ta ragu da 0.002, wato ninki biyu. Ma'aunin canji a nan −2 ne. Dokarsa a taƙaice ita ce rata sau biyu. Wannan −2 shi ne saƙon da za mu ɗauka mu koma da shi baya, kuma abin da yake cewa shi ne: a ƙara `y`, kuskure zai ragu.

Mataki na biyu, lambobin sahun ƙarshe. Ƙarin `b2` tara shi kawai ake yi, don haka duk abin da aka ƙara masa yana isa `y` yadda yake, ma'auninsa 1. Rabonsa −2 sau 1, wato −2. Shi kuwa `w2` ana ninka shi da `h`, wadda take 0.5, saboda haka rabin abin da aka ƙara masa ne ke isa `y`. Rabonsa −2 sau 0.5, wato −1.

Mataki na uku, saƙon ya wuce zuwa `h`. Ita `h` ba lambar da za mu gyara kai tsaye ba ce, amma ta kanta za a bi a kai ga sahun farko. Ana ninka ta da `w2`, wato 4, don haka ɗan motsi a `h` yana zama ninki huɗu a `y`. Saƙon ya zama −2 sau 4, wato −8.

Mataki na huɗu, ratsa matsar. Idan `z` ta tashi daga 0 zuwa 0.004, sigmoyid tana ba da kusan 0.501 maimakon 0.5. Kashi ɗaya cikin huɗu na motsin ne kawai ya ratsa. Akwai gajeriyar hanyar samun wannan, wato `h*(1-h)`, wanda a nan 0.5 sau 0.5 ne, 0.25. Saƙon ya zama −8 sau 0.25, wato −2.

Mataki na biyar, lambobin sahun farko. Abin da muka yi a mataki na biyu shi za mu sake yi. Ƙarin `b1` yana karɓar saƙon yadda yake, −2. Nauyin `w1` ana ninka shi da `x`, wato 2, don haka rabonsa −2 sau 2, wato −4.

Idan aka jera sarƙar `w1` a layi ɗaya, ga yadda take:

```
dL/dw1 = (-2) * 4 * 0.25 * 2 = -4
```

Ninki huɗu, kowanne daga mahaɗa ɗaya. Abin lura shi ne babu matakin da ya buƙaci sanin ragar gaba ɗaya. Kowace mahaɗa abu biyu kawai take buƙata: saƙon da ya zo mata daga gaba, da nata ma'aunin. Ta ninka su ta miƙa baya. Raga mai sahu ɗari ma abin da take yi ke nan, sau ɗari.

Yadda ake tabbatarwa

Ba sai an yarda da −4 ɗin nan a makance ba. A mayar da `w1` 0.501 a sake tafiya gaba. `z` za ta zama 0.002, `h` ta zama 0.5005, `y` ta zama 2.002, `L` kuma ta zama kusan 0.996. An ƙara 0.001, kuskure ya ragu da 0.004. Ninki huɗu ke nan zuwa ƙasa, kamar yadda sarƙar ta faɗa.

Masu rubuta manhaja na yin irin wannan gwaji idan suka rubuta lissafin dawowa baya da hannunsu. Yana da muhimmanci saboda kuskure a wannan lissafi ba ya yawan tsayar da manhaja. Idan an manta 0.25 ɗin matsar, alal misali, za a samu −16 a madadin −4, kuma ragar za ta ci gaba da aiki, har ma `L` na iya raguwa. Gwajin taɓawa ne zai fallasa cewa lambobin biyu ba su dace ba.

Mai karatu zai iya tambaya: tunda taɓawa na ba da amsa, me ya sa ba za a yi amfani da ita kawai ba? Dalili shi ne tsada. Taɓawa na buƙatar cikakkiyar tafiya gaba ɗaya ga kowace lamba. A ragarmu tafiya huɗu ce, amma a raga mai nauyi miliyan ɗaya tafiya miliyan ɗaya ce, kafin a yi gyara ko sau ɗaya. Dawowa baya kuwa tana ba da rabon dukkan lambobin a zuwa ɗaya da dawowa ɗaya, kuma aikin dawowar bai wuce 'yan ninki kaɗan na aikin zuwan ba. Sirrin arahar yana cikin abin da muka gani: −2 na mataki na farko sau ɗaya aka lissafa shi, lambobi huɗu suka ci moriyarsa. Kuskuren lamba ɗaya ce, nauyi kuwa suna da yawa, shi ya sa farawa daga wajen kuskuren ya fi sauƙi.

Gyara

Mayar da kuskure baya aikinta ya ƙare da zarar ta ba da lambobin nan huɗu: −4 ga `w1`, −2 ga `b1`, −1 ga `w2`, −2 ga `b2`. Gyaran kansa mataki ne na dabam. Ana ninka rabon kowace lamba da wata 'yar ƙaramar lamba, girman taku, a cire sakamakon daga tsohuwar lambar.

Mu ɗauki girman taku 0.05. Ga `w1`, 0.05 sau −4 ya ba da −0.2, cire ragi kuwa ƙari ne, don haka ya koma 0.7. Haka `b1` ya koma −0.9, `w2` ya koma 4.05, `b2` ya koma 0.1. Idan aka sake tafiya gaba, `z` ta zama 0.5, `h` kusan 0.622, `y` kusan 2.62. Kuskure ya sauko daga 1 zuwa kusan 0.14 a taku ɗaya.

To me zai hana a yi babban taku a gama da wuri? Mu gwada 0.5. Sabbin lambobin su ne `w1 = 2.5`, `b1 = 0`, `w2 = 4.5`, `b2 = 1`. Yanzu `z` ta zama 5, `h` kusan 0.993, `y` kusan 5.47. An tsallake 3 an yi nisa, `L` ta haura zuwa kusan 6.1. Ma'aunin −4 gaskiya ne a kusa da inda aka auna shi kawai, bai yi alkawarin komai ba game da wuri mai nisa. Alamar wannan matsala a aikace ita ce `L` ta riƙa tsalle sama da ƙasa ko ta yi ta hauhawa, maganin farko kuma rage girman taku.

Idan hanya ta rabu

Ragar gaske ba layi ɗaya ba ce. Ƙulli ɗaya yakan aika abin da ya fitar ga ƙulla da yawa a sahun gaba. A nan ƙa'ida ɗaya ce ake ƙarawa. A ce `h` tana ciyar da ƙulla biyu, na farko ya dawo mata da saƙon −8, na biyu ya dawo da +3. Ƙara `h` zai rage kuskure ta hanya ɗaya ya ƙara shi ta ɗayar, don haka ana tara su, −5, a ci gaba da tafiya baya da wannan. A kan hanya ɗaya ana ninkawa, inda hanyoyi suka haɗu ana tarawa.

Wannan ya kuma bayyana dalilin da ba a fara horo da nauyi iri ɗaya. Idan ƙulla biyu a sahu ɗaya suka fara da lambobi iri ɗaya, abu ɗaya za su fitar, saƙo ɗaya za su karɓa, gyara ɗaya za a yi musu, har abada ba za su bambanta ba. Shi ya sa ake zaɓar nauyin farko barkatai.

Inda sarƙar ke rauni

Tunda komai ninkawa ne, abin da ke lalata shi ma ninkawa ne. Koma ga babban takun nan da ya kai `h` 0.993. Ma'aunin matsar a wurin 0.993 sau 0.007 ne, ƙasa da 0.007, maimakon 0.25 da muka samu da farko. Ƙullin ya ƙoshi. Komai girman kuskuren, ɗan kaɗan ne zai ratsa ya isa `w1` da `b1`, don haka gyaruwarsu za ta yi ta jan ƙafa.

Ko ba a ƙoshi ba, 0.25 shi ne mafi girman ma'aunin da sigmoyid ke iya bayarwa. A ragarmu nauyin 4 ne ya rufa asiri, domin 4 sau 0.25 ya ba da 1. A ce sahu goma ne, kowanne da nauyin 1. Saƙon zai ninku da 0.25 sau goma, ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan. Sahun ƙarshe na koyo, na farko na tsaye cik. Sepp Hochreiter ya fayyace wannan matsala a kundin karatunsa a Munich a 1991. Akasin haka ma na faruwa: idan kowane sahu na ninka saƙon da 2, sahu goma sun mayar da shi ninki 1,024, kuma a raga mai zurfi lambobin kan kumbura har allo ya nuna `nan`, alamar lissafi ya fashe.

Hanyar ganewa ita ce a duba girman rabon kowane sahu. Idan yana ƙanƙancewa sosai yayin da ake komawa baya, saƙo na dusashewa ne. Ɗaya daga cikin magungunan da suka karɓu shi ne sauya matsar da `relu`, wadda ke barin lambar da ta haura sifili ta wuce yadda take, ta mayar da sauran sifili. Ma'auninta 1 ne a ɓangaren da take buɗe, don haka ba ta rage saƙo. Da ita Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton suka gina ragar da ta lashe gasar gane hotuna ta ImageNet a 2012. Ita ma tana da nata aibin: ƙullin da `z` ɗinsa ke ƙasa da sifili a kan dukkan misalai ma'auninsa 0 ne, saƙo ba ya ratsa shi, ba zai sake gyaruwa ba.

Daga takarda zuwa kwamfuta

Seppo Linnainmaa, ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya bayyana wannan hanya ta lissafi daga baya a kundin digirinsa na biyu a 1970, ba tare da batun raga ba. Paul Werbos ya kawo makamancinta a kundin digirinsa na uku a Harvard a 1974. Amma maƙalar David Rumelhart da Hinton da Ronald Williams a mujallar Nature a 1986 ce ta yaɗa ta, domin ta nuna cewa ƙullan tsakiya na iya koyon siffofi masu amfani da kansu.

A yau da wuya mutum ya yi lissafin da hannu. Ga ragarmu a PyTorch:

```python
import torch
w1, b1, w2, b2 = [torch.tensor(v, requires_grad=True)
                  for v in (0.5, -1.0, 4.0, 0.0)]
y = w2 * torch.sigmoid(w1 * 2 + b1) + b2
L = (y - 3) ** 2
L.backward()
print(w1.grad, b1.grad, w2.grad, b2.grad)
```

Zai nuna −4, −2, −1 da −2. A lokacin tafiya gaba manhajar na rubuta kowane mataki da aka bi, `L.backward()` kuma ya bi su a juye yana ninkawa. Akwai tarko ɗaya da ke kama sabbin shiga: PyTorch tara sabon rabo yake yi a kan tsohon, ba ya maye gurbinsa. Idan aka sake lissafa `y` da `L` aka kira `backward()` ba tare da an share na baya ba, `w1.grad` zai nuna −8. Domin haka ne ake kiran `zero_grad()` kafin kowane sabon zagaye na horo.

Mai son ya tabbatar ya kama dabarar zai iya yin zagaye na biyu da kansa, daga lambobin da takun 0.05 ya ba mu. Rata yanzu kusan −0.38 ce, don haka saƙon farko kusan −0.76 ne. Ma'aunin matsar kuma ya sauko zuwa kusan 0.235, domin `h` ta bar 0.5. Idan ya ninka −0.76 da 4.05 da 0.235 da 2, ya kamata rabon `w1` ya fito kusan −1.44. Ya ragu daga −4 saboda kuskuren kansa ya ragu, kuma haka gyaran zai yi ta ƙanƙancewa yayin da `y` ke matsowa kusa da 3.